Yadda ake bi da abin da ya faru bayan rufe shekara alhali an riga an kammala daftarin rahoton kuɗi

Duk akantan da ya taɓa rufe littafin shekara ya san irin ajiyar zuciyar da ake yi ranar da lissafi ya daidaita, aka buga daftarin rahoto, aka miƙa wa odita. A zuciyarka aiki ya ƙare. Sai ga wasiƙa daga lauya, ko labari daga sashen karɓar bashi cewa wani babban abokin ciniki ya durƙushe, ko kuma a wayi gari gobara ta cinye sito. Nan take gardama ke tashi a ofis. Wani ya ce ai shekara ta rufe, wannan na sabuwar shekara ne. Wani ya ce a'a, sai an buɗe littafi an gyara. Wani lokaci na farkon ke da gaskiya, wani lokaci na biyun, kuma akwai hanyar da ake bi a tantance.

Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan ita ce IAS 10, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya. Odita kuma yana da tasa, ISA 560. Kamfanonin da ke bin tsarin Amurka suna duba ASC 855, wadda tunaninta ya yi kusa da na IAS 10 ƙwarai. Zan bi da kai mataki mataki da misalin kamfani guda, wanda na ƙirƙira don bayani. Kamfanin yana sarrafa kaya yana sayar wa dillalai. Shekararsa tana rufewa 31 ga Disamba. An gama daftari 9 ga Fabrairu, ya nuna riba miliyan 300 kafin haraji. Daraktoci za su zauna su amince da rahoton 22 ga Maris, taron masu hannun jari kuma sai Mayu.

Mataki na farko: san inda ƙofa take rufewa

Kafin ka taɓa kowane adadi, rubuta rana biyu a saman takardarka: ranar rufe shekara, da ranar da aka ba da izinin fitar da rahoto. Duk abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku, mai daɗi ne ko marar daɗi, yana cikin hurumin IAS 10.

Ranar ta biyu ce ake yawan kuskurewa. Ba ranar da ka gama daftari ba ce. Ba kuma ranar taron masu hannun jari ba ce, ko da doka ta ce sai sun amince da rahoton bayan an fitar da shi. Ranar da daraktoci suka ba da izinin fitarwa ita ce iyaka. A misalinmu 22 ga Maris ke nan. Ko da kamfanin ya riga ya sanar da jama'a ribarsa a taƙaice tun cikin Fabrairu, wannan sanarwar ba ta rufe ƙofa. Daftarin 9 ga Fabrairu daftari ne kawai, ba shi da wata alfarma da za ta hana a taɓa shi, komai wahalar da aka sha wajen haɗa shi.

Dole ne rahoton kansa ya faɗi wannan rana da waɗanda suka ba da izinin. Idan masu kamfani ko wasu suna da ikon sauya rahoton bayan an fitar, shi ma a faɗa. Mai karatu yana bukatar ya san daga wace rana ce rahoton ya daina jin labari.

Mataki na biyu: fita ka nemo, kada ka jira a kawo maka

Yawancin abubuwan da ke sauya rahoto ba sa zuwa teburin akanta da ƙafarsu. Lauya ya san an yanke hukunci, amma bai ga dalilin gaya wa sashen kuɗi ba. Mai kula da sito ya san an karyar da farashin wasu kaya don a rabu da su, a ganinsa harkar ciniki ce kawai.

Don haka kai za ka bi su. Karanta bayanan zaman daraktoci da na manajoji tun daga 1 ga Janairu. Rubuta wa lauyoyin kamfani su ba ka matsayin kowace shari'a a rubuce. Buɗe takardun banki na Janairu da Fabrairu ka ga cikin waɗanda kuke bi bashi wa ya biya, wa ya yi shiru. Duba takardun cinikin sabuwar shekara, musamman farashin da aka sayar da kayan da suke sito ranar 31 ga Disamba. Sannan ka duba kayan da aka dawo da su, da rangwamen da aka yi wa masu saye a farkon Janairu. Idan ka ga an dawo da kaya masu yawa a makon farko na sabuwar shekara, koma ka binciki cinikin makon ƙarshe na Disamba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba sau ɗaya ake wannan binciken ba. Na taɓa aiki a wani wuri inda muka yi shi da kyau a tsakiyar Fabrairu, muka ɗauka an wuce wurin. Zaman daraktoci ya jinkirta da makonni, babu wanda ya tuna ya sake tambayar lauya, ashe a tsakanin an sasanta wata shari'a da kuɗi mai yawa. Sai da odita ya gano a wasiƙar ƙarshe, muka kwana muna warware shafukan da aka riga aka tsara don bugawa. Tun daga nan nake sake zagayawa kwana ɗaya ko biyu kafin sa hannu.

Mataki na uku: yi wa kowane lamari tambaya guda

Nan ne zuciyar aikin. Tambayar ba "yaushe muka ji labari?" ba ce. Tambayar ita ce: ranar 31 ga Disamba, shin wannan halin ya riga ya samu?

Idan ya riga ya samu, labarin da ya zo daga baya hujja ce kawai da ta ƙara haska abin da yake nan. A nan ana gyara adadin da ke cikin rahoto. Idan kuwa halin sabo ne, bayan rufe shekara ya taso, ba a taɓa adadi. Abin da ake yi, in lamarin yana da girma, shi ne a bayyana shi a cikin ƙarin bayanin da ke biye da rahoto.

Bari mu ɗauki abubuwa biyar da bincikenmu ya tono.

Na farko, dillalin da kamfani ke bi miliyan 80 ranar 31 ga Disamba. A daftari an yi masa tanadin asara na kashi 10 cikin ɗari, wato miliyan 8. Ranar 20 ga Fabrairu kotu ta tabbatar da karyewarsa, wanda aka naɗa ya tattara dukiyarsa kuma ya rubuto cewa masu bin bashi irinmu su sa ran kusan kashi 25 cikin ɗari. Manajan ciniki zai ce maka ai mutumin a Fabrairu ya karye. Kada ka yi gardama da shi, buɗe fayil. A namu misalin, rabon dillalin da biya tun Satumba. A Nuwamba ya ba da cek banki ya dawo da shi. A Disamba ya roƙi a ƙara masa wa'adi sau biyu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka. Kotu ba ita ta karya shi ba, sanarwa kawai ta yi kan ciwon da ya daɗe. IAS 10 da kanta ta ce karyewar abokin ciniki bayan rufe shekara yawanci tana tabbatar da cewa bashin ya riga ya lalace tun ranar rufewa.

Lissafin kuwa ga shi. Abin da ake sa ran karɓa kashi 25 cikin ɗari na miliyan 80, wato miliyan 20. Asara miliyan 60. An riga an tanadi 8. Saura miliyan 52 da za a ƙara a asarar shekarar da ta rufe, a rage bashin da muke bi da daidai wannan adadi.

Akwai tarko a nan. A cikin Janairu, kafin labari ya fito, an sake ba dillalin kaya na miliyan 15 bashi. Wannan ma zai salwanta, amma ba ya cikin gyaranmu. Ranar 31 ga Disamba babu wannan bashin a duniya. Asararsa ta sabuwar shekara ce. Na sha ganin an haɗa duka biyun saboda an ɗauko jimillar da ke kan asusun dillalin a ranar da ake gyara, ba ta ranar rufe shekara ba.

Ka lura da kalmar "yawanci". Da a ce dillalin yana biya kan lokaci har ƙarshen Disamba, kasuwancinsa lafiya lau, sai ambaliya ta share masa sito a Janairu ta durƙusar da shi, da amsar ta sauya. Halin da ya kashe bashin bayan rufe shekara ya taso. Abu ɗaya ne a ido, karyewar dillali, amma sanadi ya raba hukuncin. Shi ya sa ba na yarda da mai haddace jerin misalai ya tsaya nan. Sanadi ake bi.

Na biyu, kaya a sito. Akwai wani tsohon samfuri da aka rubuta a kan kuɗin da aka kashe wajen yin sa, miliyan 50. A Janairu da Fabrairu an sayar da shi duka a kan miliyan 41, aka kashe miliyan 3 wajen dako da la'adar masu sayarwa. Ƙa'idar kaya, IAS 2, ta ce a rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka kashe da abin da zai shigo hannu bayan an cire kuɗin sayarwa. Abin da ya shigo hannu 41 a cire 3, saura 38. An zarce da miliyan 12. Amma kafin ka rage, sake yin tambayar nan. Me ya karyar da farashin? Mun duba, sabon samfuri ya fito tun Oktoba, tsohon kuma tun lokacin yake zaune ba mai tambaya. Ke nan darajarsa ta faɗi kafin rufe shekara, cinikin Janairu ya nuna mana adadin ne kawai. A rage miliyan 12. Da ruwan sama ne ya jiƙa kayan a Janairu aka sayar da su a wulaƙance, da ba a taɓa adadin Disamba ba.

Na uku, shari'a. Wani mai saye ya kai ƙara tun watan Yuni kan kayan da ya ce sun lalata masa injina. Bisa shawarar lauya an tanadi miliyan 10. Ranar 5 ga Maris kotu ta ce a biya miliyan 25, kamfani kuma ya yanke shawarar ba zai ɗaukaka ƙara ba. Laifin da ya haifar da bashin ya faru kafin rufe shekara, hukunci ya zo ya faɗi girmansa. A ƙara miliyan 15 a tanadi. Ba a yarda a bar 10 a littafi sannan a rubuta bayani a ƙasa cewa an yanke 25 ba. Bayani ba ya maye gurbin gyara.

Na huɗu, gobara. Ranar 14 ga Fabrairu wuta ta cinye ɗaya daga cikin masana'antun kamfanin, wadda darajarta a littafi miliyan 120. Ita ce mafi girma cikin biyar ɗin, ita ce kuma ba za ta taɓa adadi ko ɗaya ba. Ranar 31 ga Disamba ginin yana tsaye, injina suna aiki. Rahoton yana faɗin yadda abubuwa suke a wannan rana, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan na bayani ne.

Na biyar, rabon riba. Daraktoci za su ba da sanarwar raba wa masu hannun jari miliyan 40 a zamansu na Maris, wani kuma ya riga ya shigar da shi a daftari a matsayin bashin da ake bin kamfani. A cire shi. Ranar rufe shekara babu wanda ke bin kamfani wannan kuɗi, domin ba a ayyana shi ba tukuna. Ba ya da alaƙa da cewa daga ribar shekarar da ta rufe za a biya. A mayar da miliyan 40 cikin ribar da aka tara, a ambaci rabon a ƙarin bayani.

Inda aikin ke yin wuya shi ne lamarin da ya fara kafin rufe shekara ya girma bayanta. Annobar korona ta nuna wannan ƙarara. Akwai rahoton masu cutar tun Disamban 2019, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya ranar 30 ga Janairun 2020, ta kira ta annobar duniya ranar 11 ga Maris. Yawancin kamfanonin da shekararsu ta rufe 31 ga Disamban 2019 sun ɗauke ta a matsayin abin bayani, domin yaɗuwar da kullen da suka durƙusar da kasuwanci daga baya suka zo. Waɗanda shekararsu ta rufe ƙarshen Maris na 2020 kuwa dole ta shiga cikin adadinsu. A irin wannan, rubuta dalilinka da kwanan wata a fayil, domin za a tambaye ka.

Haka faɗuwar farashin hannun jari da kamfani ya saka kuɗi a ciki, ko karyewar darajar kuɗin ƙasa bayan rufe shekara. Farashin ranar 31 ga Disamba shi ne na ranar, faɗuwar Fabrairu ta Fabrairu ce. Sabon kason haraji da aka kafa bayan rufe shekara shi ma ba ya shiga lissafin harajin shekarar. Amma sata ko kuskure da aka gano, wanda ya nuna adadin Disamba ba daidai ba ne tun asali, gyara shi ake yi.

Mataki na huɗu: tsaya ka tambayi ko kamfanin zai rayu

Akwai togaciya guda ga duk abin da na faɗa. Ana shirya rahoton kuɗi ne bisa zaton kamfani zai ci gaba da aiki, aƙalla wata 12 daga ranar rufe shekara. Idan bayan rufe shekara shugabanni suka yanke shawarar rufe kamfani, ko suka ga babu wata mafita face haka, to ba a yarda a fitar da rahoto bisa wannan zato ba, ko da abin da ya jawo hakan sabo ne fil. Nan ba gyaran layi ɗaya ba ne, tushen lissafin gaba ɗaya ke sauyawa.

Saboda haka gobararmu ba ta wuce ba tukuna. Nawa ne kason wannan masana'anta cikin abin da kamfani ke sarrafawa? Sauran za su iya ɗaukar nauyin? Inshora ta amsa za ta biya? Akwai bashin banki da aka jinginar da ginin a kansa? Sake tsara hasashen shige da ficen kuɗi da gobarar a ciki. A misalinmu kamfanin yana da wasu masana'antu biyu, hasashe ya nuna zai iya biyan bukatunsa, don haka zaton ya tsaya. Da hasashen ya nuna babban shakku, ko bai kai ga rufewa ba, da dole a bayyana wannan shakkun a fili.

Mataki na biyar: shigar da gyaran, sannan ka bi sawunsa

Shigar da gyara a leja da kwanan watan 31 ga Disamba, ba da ranar da labari ya zo ba. Kada ka gyara a kan takardar rahoto kawai ka bar leja yadda take. In ka yi haka, asarar za ta sake fitowa a sabuwar shekara, adadin buɗe shekara kuma ba zai yi daidai da na rufewa ba.

Gyare-gyaren da suka taɓa riba uku ne: 52 na bashi, 12 na kaya, 15 na shari'a. Jimilla miliyan 79. Riba kafin haraji ta sauko daga 300 zuwa 221.

Nan ne mutane da yawa ke ajiye alƙalami, alhali rabin aikin ne. Haraji yana bin riba. Mu ɗauka kason haraji kashi 30 cikin ɗari ne, kuma duka ukun suna rage haraji, ko a bana ko a matsayin harajin da aka jinkirta. Haraji ya sauko daga 90 zuwa 66.3. Riba bayan haraji ta sauko daga 210 ta koma 154.7. Idan yawan hannayen jarin kamfanin guda miliyan 500 ne, ribar kowane hannu ta sauko daga 0.42 zuwa kusan 0.31. Ko wane tanadi ne dokar haraji ke karɓa nan take, wane ne sai an biya, wannan ya danganta da ƙasar da kake, don haka ka zauna da mai kula da haraji kafin ka raba 23.7 ɗin tsakanin harajin bana da wanda aka jinkirta.

Daga nan bi duk abin da aka ɗora a kan riba. Idan ladan ƙarshen shekara na ma'aikata ko na manajoji kaso ne na riba, shi ma zai ragu. Sannan buɗe yarjejeniyar bashin banki. Bankuna kan sa sharaɗi, misali kada riba ta gaza ninki kaza na kuɗin ruwa. Idan gyaran ya nuna an karya sharaɗin tun 31 ga Disamba, har banki ya sami ikon neman kuɗinsa nan take, to bashin dogon zango ya koma na gajeren zango a rahoto. Ko da banki ya rubuto a Maris ya ce ya yafe, yafiyar bayan rufe shekara ta zo, ba ta mayar da bashin inda yake, sai dai a ambace ta a bayani. Wannan yakan fi asarar kanta tayar wa daraktoci hankali, gara su ji daga bakinka da wuri.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gane ko ka yi kuskure. Jimillar kuɗin da ke banki da hannu ranar 31 ga Disamba ba za ta motsa ba, domin babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ya fitar da kuɗi kafin wannan rana. A bayanin shige da ficen kuɗi riba za ta ragu da 79, sauran layukan na bashi da kaya da tanadi su cike gurbin da 79. Idan jimillar ƙasa ta sauya, akwai layin da ka manta.

Sai abin da ya fi cin rai: kalmomi. Rahoton daraktoci da jawabin shugaba an rubuta su ne lokacin da riba take 300. Jadawalin shekarun bashi, bayanin tanade-tanade, bayanin shari'o'in da ke kotu, duk suna ɗauke da tsofaffin adadi. Nemo kowane wuri da tsohon adadi ya fito. Sa wa kowane daftari lamba da kwanan wata, ka janye tsofaffin daga hannun mutane, don kada a sa hannu a kan wanda ba shi ba.

Mataki na shida: rubuta bayanin abin da ba a gyara ba

Ga kowane babban lamari da ba a gyara adadi a kansa ba, abu biyu ake bukata: mene ne ya faru, da ƙiyasin tasirinsa a kuɗi, ko a faɗi cewa ba a iya ƙiyastawa ba. Ma'aunin girma shi ne ko rashin faɗa zai iya sauya shawarar mai karanta rahoton, kamar banki ko mai son sayen hannun jari.

Na gobarar zai iya zama kamar haka: "Ranar 14 ga Fabrairu gobara ta lalata ɗaya daga cikin masana'antun kamfanin guda uku. Darajar ginin da injinan a littafi miliyan 120 ce ranar 31 ga Disamba. An shigar da buƙatar diyya wurin kamfanin inshora, amma har ranar amincewa da wannan rahoto ba a daidaita kan adadin ba. Ba a gyara adadin da ke cikin rahoton saboda wannan ba."

Dubi abin da ke ciki: rana, adadi, matsayin inshora. Bai ce "an sami ɗan tsaiko a harkar sarrafa kaya" ba. Ina jin zafin irin wannan lulluɓi, domin mai karatu ya amince da mu ne. Kada kuma ka ɓuya a bayan "ba a iya ƙiyastawa ba" alhali darajar ginin tana rubuce a rajistar kadarori.

Mataki na bakwai: odita, da abin da ya biyo bayan sa hannu

Aikin odita ne ya nemi irin waɗannan abubuwa har zuwa ranar da ya sa wa rahotonsa kwanan wata, kuma zai nemi shugabanni su rubuta masa cewa sun gyara ko sun bayyana duk abin da ya kamata. Kada a sa hannu a wannan wasiƙa da ka. Ba shi takarda guda mai ɗauke da kowane lamari, ranarsa, hujjarsa, hukuncin da aka yanke da dalili, har da waɗanda aka duba aka ga ba su kai girman ambato ba.

Bayan ranar rahotonsa ba wajibinsa ba ne ya ci gaba da nema. Idan wani abu ya taso kafin a fitar da rahoto, ku ne za ku sanar da shi. In an gyara, zai faɗaɗa bincikensa ya ba da sabon rahoto da sabuwar rana, ko kuma, inda doka ta yarda, ya ƙara rana ta biyu da ta shafi wannan gyaran kaɗai. In shugabanni suka ƙi gyara abin da ya ga dole a gyara, zai sauya ra'ayinsa a rahoton, in kuwa ya riga ya miƙa shi, zai ce kada a fitar, in aka fitar duk da haka ya ɗauki matakin hana a dogara da shi.

Idan rahoto ya riga ya fita, ka raba abu biyu. Sabon labarin da ya samu bayan 22 ga Maris na rahoton shekara mai zuwa ne, a matsayin sauyin ƙiyasi. Misali, in daga ƙarshe aka karɓi miliyan 26 daga dukiyar dillalin maimakon 20, ƙarin 6 ɗin zai shiga ribar shekarar da aka sami labarin, ba a komawa baya. Amma in ya bayyana cewa wasiƙar kotu tana cikin ofis tun Fabrairu aka yi biris da ita, wannan kuskure ne, IAS 8 kuma ta ce in babba ne a gyara adadin shekarar baya a rahoto na gaba, a bayyana abin da ya faru. Dangane da dokar ƙasa da girman lamarin, yana iya kaiwa ga janye rahoton a sake fitar da shi, a sanar da duk wanda aka riga aka ba kwafi.